Yadda ake zaɓar manhajar canza gashi a hoto: ta waya ko ta kwamfuta?

A shagona na wankin hoto da buga kalandar biki, kusan kowane mako sai wani ya miƙo mini waya ya ce in faɗa masa manhajar da ta fi iya canza gashi. Ba na saurin ambata masa suna. Nakan fara tambayarsa abu biyu: me kake so a yi wa gashin, kuma ina hoton zai je bayan an gama? Amsar waɗannan biyun ita ke zaɓar maka kayan aiki, ba yawan taurarin da manhaja ta tara a Play Store ba.

Abin da mutane ke kira canza gashi aiki uku ne daban. Akwai rina furfura, wato a mayar da farin gashi baƙi ko jan lalle. Akwai sauya launin baƙin gashi zuwa wani launi, kamar macen da ke son ganin ko jan atach zai karɓe ta kafin ta zauna gaban mai kitso. Sai kuma sauya fasalin gashin ɗungurungum, a ɗora wa mai sanƙo suma ko a sauya masa salon aski. Na farko mai sauƙi ne a ko'ina, na biyu yana da tarko, na uku kuwa shi ne inda waya da kwamfuta suka fi bambanta.

Mataki na farko: nemo asalin hoton

Kafin ka sauke kowace manhaja, duba hoton da ke hannunka. Rabin ɓacin aikin gashi daga nan yake tasowa. Idan an turo maka hoton ta WhatsApp yadda aka saba turawa, an riga an matse shi, galibi tsawonsa bai wuce fiksel 1600 ba, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, kuma siraran silin gashin da ke gefen kai sun narke sun zama dusu-dusu. Ka ce wa mai hoton ya sake turo shi ta hanyar Document, ta nan ne yake zuwa da cikakken girmansa.

Ga lissafin da zai taimake ka. Bugu mai kyau a takarda yana son fiksel 300 a kowane inci. Hoto mai fiksel 1600 zai ba ka inci biyar da ɗan ɗoriya ke nan, kimanin santimita 13 da rabi. Ya isa sitikar biki, ya isa sitatus. Takardar A4 kuwa tana son 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, A3 ta kalanda ta fi haka nesa. Duk gyaran da ya yi kyau a allon waya mai inci shida, idan aka baje shi a A3, kowane kuskure na gefen kunne sai ya fito kamar an ja masa layi da biro.

To idan hoton a waya zai ƙare, ka riga ka karkata zuwa manhajar waya. Idan bango zai hau, fara tunanin kwamfuta.

Mataki na biyu: san kashi biyu na manhajojin waya

Kashi na farko su ne masu yi maka aikin da kansu, irin su FaceApp da YouCam Makeup. Ka ɗora hoto, manhaja ta gano inda gashi yake, ka taɓa launi ko salo, cikin daƙiƙu kaɗan ta fito maka da sakamako. Kyautar tasu tana da iyaka: kaɗan daga cikin launuka da salo ne a buɗe, sauran sai ka shiga biyan kuɗin wata ko na shekara, kuma wasunsu kan manna tambarinsu a jikin hoton da ka adana. Idan aka ce maka ka gwada kyauta na kwana kaza amma sai ka sa katin banki, ka sani ranar da kwanakin suka cika za a fara cirar kuɗi in ba ka soke ba. Ana sokewa ne a Play Store, ƙarƙashin Payments & subscriptions. Goge manhajar daga waya ba ya tsayar da cirar kuɗin, kuma na ga mutane da dama da wannan ya ci.

Akwai wani abu da ya fi kuɗin muhimmanci a wurinmu. FaceApp ba a cikin wayarka take yin aikin ba, tana tura hoton zuwa kwamfutocin intanet ne a sarrafa shi a dawo maka da shi. Ga namijin da ke wasa da gemunsa wannan ba komai ba ne. Amma macen da ba ta fita sai da ɗankwali da mayafi, ta cire don ta gwada launin gashi, ya kamata ta san cewa hoton nan ya bar wayarta. Gwajin yana da sauƙi: kashe data, ka gwada gyaran. Idan manhaja ta ƙi aiki, to mai yiwuwa a waje take yi.

Kashi na biyu su ne waɗanda kai za ka yi da yatsanka. A nan Snapseed ce nake fara nuna wa kowa. Google ta saye kamfanin da ya ƙirƙire ta a 2012, kyauta ce gaba ɗaya, ba talla, ba tambari, kuma gyaran da zan nuna maka tana yin sa ko babu data. Akwai kuma ibisPaint X, wadda asalinta ta masu zane ce, tana da leya-leya, wato shimfiɗun da ake ɗorawa a kan hoto a yi fenti a kansu, kamar ta kwamfuta amma da talla. Lightroom ta waya tana da kyau wajen gyaran haske, sai dai kayan da ake keɓe gashi kaɗai da shi, wato Masking, yana ɓangaren masu biya, don haka ban sa ta a lissafin kyauta ba.

A kwamfuta zaɓin bai da yawa, kuma hakan alheri ne. GIMP kyauta ce, tana hawa Windows da Linux da Mac, siga ta 2.10 ta fito a 2018, ta 3.0 kuma a watan Maris na 2025. Photopea ba a girka ta, a burauza ake buɗe ta, tsarinta ya yi kama da Photoshop kuma tana buɗe fayilolinsa na PSD. Krita ta fi dacewa da mai son zana silin gashi da hannu. Mai koyo ya ɗauki ɗaya daga biyun farko ya bar sauran.

Mataki na uku: fahimci dalilin da baƙin gashi ke gardama

Wannan shi ne wurin da yawancin darussan intanet ba sa yi mana amfani, domin da gashi mai haske ake koyar da su. Duk wanda ya taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano ya san farin ƙyalle ake tsomawa a baba. Baƙin ƙyalle ko ka kwana kana tsoma shi, baƙi zai fito. Haka abin yake a hoto. Kayan sauya launi suna canza kalar wuri ne su bar haskensa yadda yake, shi kuwa baƙi ba shi da hasken da launi zai zauna a kai. Shi ya sa za ka zaɓi ja, ka shafa a kan baƙin gashi, ka ga babu abin da ya motsa sai ɗan ƙyallin goshi da ya yi jaja-jaja.

Saboda haka baƙin gashi sai an fara ɗaga haskensa sannan a zuba launi. Nan kuma iyaka take. Duhun hoton waya ba ya ɗauke da bayani mai yawa, idan ka ɗaga shi sosai sai ka tono ƙananan murabba'ai da ɗigo-ɗigo masu launin kore da shunayya da matsin JPG ya ɓoye. Daga baƙi zuwa ruwan ƙasa ko jan lalle mai duhu, ana iya yi ya yi kyau. Daga baƙi zuwa ruwan gwal mai haske, da hannu ba ya yiwuwa a hoton da aka ɗauka a ɗaki, sai dai manhaja mai ƙirƙiro sabon gashi, ita ma ba gashinka ta rina ba, wani ta zana maka.

Furfura kuwa farin ƙyalle ce. Duk launin da ka zuba mata za ta karɓa.

Mataki na huɗu: gwada da hoto ɗaya, aiki ɗaya

Bari in ba ka abin da ya faru da Kawuna lokacin auren 'yarsa, domin a kansa na gwada hanyoyin uku, manhaja mai yi da kanta da Snapseed da GIMP, a rana ɗaya. An ɗauke shi hoto a ƙofar gida da hantsi, da farar babbar riga da hula zanna, gemunsa kashi biyu cikin uku furfura. Ya ce, "Ɗana, so nake ka nuna mini yadda zan yi in na sa lalle, kafin in je in yi abin da gwaggonka za ta yi mini dariya." Na ce, "To Kawu, zauna a nan ka gani."

Na fara da wata manhaja mai yi da kanta. Cikin daƙiƙa goma ta gama. A nesa ya yi kyau. Da na zuƙo hoton sai na ga ta rina gemun, ta haɗa da wuyan rigar inda aikin surfani ya taɓa gemu, ta kuma bar sajen da ke ƙarƙashin hula fari fat, domin ta ɗauka hular ce ƙarshen kai. Abin da ya fi ba ni haushi, ta goge masa tamojin fuska ta kuma ɗan haska fatar ba tare da an tambaye ta ba. Kawu ya karɓi wayar ya duba, ya ce, "Wannan ai ƙanina ne, ba ni ba." Kuma babu inda zan taɓa in gyara wuyan rigar kaɗai.

Sai na koma Snapseed. Ga yadda ake yi, ko da yake wurin maɓallan kan ɗan sauya daga siga zuwa siga. Da farko shiga Settings, ka sa Image sizing a kan Do not resize, Format and quality a kan JPG 100%, don kada ta rage maka hoton wajen adanawa. Buɗe hoton, shiga Tools, zaɓi Curves. A ƙasa akwai inda ake zaɓar launin layi. Ɗauki Blue ka ja saman layin ƙasa sosai, ɗauki Green ka ja shi ƙasa kamar rabin haka, ka bar Red inda yake. Fari idan aka rage masa shuɗi da kore, jan lemo yake komawa, wato launin lalle. Hoton duka zai yi ja, har riga har bango. Kada ka damu, taɓa alamar amincewa.

Yanzu dabarar. A saman allo akwai alamar da ta yi kama da takardu a jere da kibiya, taɓa ta ka zaɓi View edits. Za ka ga Curves a jerin, taɓa shi, ka zaɓi alamar buroshi ta tsakiya. Jan nan zai ɓace gaba ɗaya, ba zai dawo ba sai inda ka shafa da yatsa. A ƙasa akwai lamba mai hawa 0, 25, 50, 75, 100. Shafa tsakiyar gemu da 75, gefe-gefe da 25 ko 50, in ka zarce kan fata ka mayar da lambar 0 ka goge. Alamar ido tana nuna maka duk inda ka shafa da jan fenti. Girman buroshin ba ya da maɓalli, zuƙo hoton da yatsu biyu shi ke ƙanƙanta shi, don haka a gefen leɓe da kunne ka zuƙo iya iyawarka.

Minti goma sha biyar ya ɗauke ni. Kawu ya ga kansa, fuskarsa ce, tamojinsa na nan, gemu ya yi ja. Don tura wa gwaggo a waya, aikin ya ƙare a nan.

Amma da ya ce a sa a kalanda, sai na zuƙo gefen gemun inda silin gashi ke kwance a kan farar riga. Yatsa ya fi silin gashi kauri sau ɗari. Ko dai in bar silin fari, ko in shafa ja a rigar da ke bayansu. A A3 dole a gani. Nan na tashi na kunna laftof.

A GIMP, buɗe hoton ta File > Open. Danna Shift+Ctrl+N ka yi sabuwar leya wadda babu komai a cikinta. Leya kamar farar leda ce da aka shimfiɗa a kan hoto, kana fenti a kanta asalin hoton na ƙasa ba ya taɓuwa. A akwatin Layers, canza Mode ɗinta daga Normal zuwa Multiply. Wannan yanayin duhunta abin da ke ƙasa kawai yake yi, shi ya sa farin sili ke ɗaukar launi sosai, baƙin sili kuma ya zauna kusan yadda yake, daidai yadda lalle na gaske ke yi wa gemu mai furfura. Danna akwatin launi, a gurbin HTML notation ka rubuta:

```
c1541f
```

sannan ka cika leyar da shi ta Edit > Fill with FG Color. Daga nan shiga Layer > Mask > Add Layer Mask, ka zaɓi Black (full transparency). Launin zai ɓuya. Wannan abin rufin shi ne zuciyar aikin: inda ka shafa fari launi ya bayyana, inda ka shafa baƙi ya ɓuya, kuma kana iya komawa ka gyara sau ɗari ba abin da ya lalace. Danna D launuka su koma baƙi da fari, X yana musanya su, P yana ɗauko buroshi. Ɗauki buroshi mai laushin baki, irin 2. Hardness 050, ka cika tsakiyar gemu da babba. Sannan ka zuƙo zuwa kashi 200 ko 300, ka mayar da buroshin fiksel biyu ko uku, ka bi silin gefe ɗaya bayan ɗaya, kana ja daga saiwa zuwa waje yadda gashin ya tsiro. A ƙarshe ka sauke Opacity na leyar zuwa wajen 70, domin launi cikakke ɗari bisa ɗari kullum kama da fenti yake yi.

Na yi kusan minti hamsin, mafi yawansu a kan gefen nan na riga. Ka adana aikin da File > Save, zai ba ka fayil ɗin XCF mai riƙe da leya-leyarka, sannan File > Export As don fitar da JPG na bugawa. Amfanin XCF ya fito washegari, da gwaggo ta aiko cewa jan ya yi yawa, kamar na ɗan tauri. Na buɗe, na sauke Opacity zuwa 55, minti ɗaya. Idan da baƙi aka so a mayar da furfurar, hanyar ɗaya ce, sai dai launin ya zama ruwan ƙasa mai duhu sosai kamar `2b2320`, kuma ka bar 'yar furfura a saje. Dattijo mai shekara sittin da gemu baƙi wuluk ba ya ruɗar kowa.

Ga baƙin gashi da za a mayar ja kuwa, leyar Multiply ba za ta yi ba. Kwafi hoton da Shift+Ctrl+D, shiga Colors > Curves, kama layin a wajen rubu'insa na ƙasa ta hagu ka ɗaga shi sannu a hankali kana kallon gashin a zuƙe. Da zarar ɗigo-ɗigon nan sun fara fitowa, tsaya ka ɗan koma baya, iyakar hotonka ke nan. Sai Colors > Colorize ka zaɓi launi, sannan ka sa baƙin abin rufi ka shafa fari a kan gashin kamar ɗazu. A kitso ka kula da tsagar da ke tsakanin layuka, fatar kai ce, ba a rina ta. Manhajoji masu yi da kansu a nan suke yawan faɗuwa, sai ka ga shuku da jan fatar kai.

Sauya salon gashi gaba ɗaya

A nan ba zan ɓata maka lokaci ba, mai koyo ya yi amfani da waya. A kwamfuta sai ka nemo hoton wani kai da aka ɗauka ta kusurwa ɗaya da naka, hasken ya fito ta gefe ɗaya, ka yanko gashin, ka daidaita girmansa, ka zana inuwar da zai yi a goshi. Aikin wanda ya kwana biyu a harkar ne. Manhaja mai yi da kanta za ta ba ka wani abu a daƙiƙu, ya isa ka nuna wa mai aski abin da kake nufi. Sai dai a waɗanda na gwada, yawancin salon na gashi mai santsi ne, kalaba da zane da shuku ba kasafai ake samun masu kyau ba. Mai kitson da ke son nuna wa kwastomominta salo, hotunan aikin hannunta na gaske sun fi mata amfani, ta bar manhaja ga gwajin launi.

Mataki na biyar: yanke shawara

Ɗauki hotonka ɗaya, asali, ka yi masa aikin da kake so a manhaja biyu ko uku. Adana kowanne, ka buɗe a galari, ka zuƙo wurare uku: layin goshi inda gashi ya haɗu da fata, saman kunne, da inda gashi ya kwanta a kan tufa ko bango. Alamar ɓaci ita ce wani siririn zobe mai launi a kewayen kai, ko gashi ya zama dunƙulen launi ɗaya babu ƙyalli babu sili. Sannan duba bayanan hoton ka ga ko girmansa ya ragu daga na asali. Ka kuma ajiye asalin da gyararren gefe da gefe, ka kalli hanci da launin fata.

Bayan haka tambayar da ta rage ɗaya ce: idan manhajar ta yi kuskure a gefen kunne, akwai buroshi ko magogin da zan gyara wurin da shi a ɓangaren kyauta? Idan babu, ka riƙe ta don wasa da gwaji kawai. Wanda ba shi da kwamfuta ya zauna a kan Snapseed har hannunsa ya faɗa, kada ya je cin bashin laftof don gemu. Abin da zai koya a can, wato yi wa hoto duka gyara sannan a bayyana shi a wuri ɗaya, shi ne dai abin rufin GIMP, ranar da ya zauna gaban kwamfuta ba baƙo ba ne. Wanda kuma zai riƙa karɓar kuɗin mutane yana buga musu, ko zai yi hotuna ashirin na amarya da launi iri ɗaya, ya fara da GIMP tun yau, kuma ya sayi maus na waje, domin bin silin gashi da faifan taɓawa na laftof azaba ce. Idan kwamfutar ta aro ce ko ta shagon intanet, inda ba za a bar ka ka girka komai ba, buɗe Photopea, leya da Multiply da abin rufi duk suna nan, sunayen menu ne kawai suka ɗan bambanta.

Hoton fasfo da na katin shaida kuma ba a taɓa musu gashi, ko mai shi ya roƙe ka. Hoton wani ma sai da izininsa. Kawu dai da kansa ya kawo nasa, kuma a ƙarshe bai sa lallen ba, ya ce na kalandar ya ishe shi.